Lambar sirrinka a cikin na'urar POS: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake kulle ta kafin ta fita

Wannan shafi yana bin lambar sirri guda ɗaya, 5827, tun daga yatsan mai kati har zuwa lokacin da ta bar na'ura. Lambar katin da za mu yi aiki da ita ta misali ce, 4000 1234 5678 9017. Mun fi ba da ƙarfi ga cinikin da ake tura lambar sirri banki domin ya tantance ta, don a nan ne lambar take barin na'urar.

Idan na danna lamba, ina take fara zuwa?

A cikin na'urorin POS da yawa kwakwalwa biyu ce ke aiki. Ɗaya babba ce, ita ke tafiyar da manhajar ciniki, ta nuna kuɗi a allo, ta buga risit, ta yi magana da intanet. Ɗayar ƙarama ce mai tsaro, kuma wayoyin madannan a jikinta suke. Madannan an jera su layi-layi, a tsaye da a kwance, kwakwalwar tsaron tana ta laluben layukan, duk inda layin tsaye ya haɗu da na kwance ta san maɓallin da aka danna.

Da zarar an shiga matakin karɓar lambar sirri, kwakwalwar tsaro ba ta faɗa wa manhajar ciniki wace lamba aka danna. Iyakar abin da take cewa shi ne an danna maɓalli ɗaya, sai manhajar ta zana tauraro a allo. Ka danna 5, tauraro. Ka danna 8, tauraro. Ko ƙarar da maɓallan ke yi, ƙa'ida ta ce ta zama iri ɗaya, don kada wani ya gane lambar da kunne. A na'urori masu allon shafa ma haka abin yake, kwakwalwar tsaro ke karɓe ikon allon har a gama, wasu kuma sukan sauya jerin lambobin a kowane ciniki.

Akwai wata dabara da masu ƙera na'urorin suka daɗe da toshewa. A ce muguwar manhaja ta rubuta "shigar da lambar sirri" a allo alhali madannan suna yanayin karɓar lambobi na yau da kullum, kamar lokacin rubuta adadin kuɗi. Mai kati zai danna, lambar ta tafi tsirara. Saboda haka ƙa'idojin PCI PTS, waɗanda a kansu ake gwada waɗannan na'urori, sun buƙaci a tsare irin rubutun da ke iya bayyana a allo yayin da madannan ke ba da lambobi a buɗe.

Lambobi huɗun ake kullewa kai tsaye?

A'a, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Lambar sirri mai lambobi huɗu, hanyoyi 10,000 kawai take da su, daga 0000 zuwa 9999. Da a ce ana kulle 5827 ita kaɗai da mabuɗi guda, to duk mai kati a duniya da ya zaɓi 5827 zai fitar da kullallen saƙo iri ɗaya a wannan na'ura. Ɓarawon da ke sauraron layi ba ya buƙatar fasa komai. Ya isa ya yi ciniki da katunansa yana sauya lambar sirri, yana rubuta abin da kowace ta fitar, har ya haɗa jadawali.

Don haka ake fara shirya lambar cikin wani ƙunshi mai tsayayyen girma, a cuɗanya ta da lambar katin, sannan a kulle. Ma'aunin ISO 9564 ne ya tsara yadda ake wannan ƙunshi, kuma ya yarda da lambar sirri daga lambobi 4 zuwa 12.

Yaya ake haɗa ƙunshin? A nuna mini a aikace.

Mu ɗauki tsarin da ya fi yawo a duniya, wanda ake kira tsari na 0. Ana gina layuka biyu, kowanne mai gurbi 16. Kowane gurbi yana ɗaukar alama ɗaya ta ƙirgen heksa, wato 0 zuwa 9 sannan A zuwa F. Gurbi 16 na heksa daidai yake da bayit 8, kowane bayit kuma bit 8 ne, bit kuwa ko dai 0 ne ko 1.

Layi na farko na lambar sirri ne. Gurbin farko 0, alamar tsarin. Na biyu tsawon lambar, a nan 4. Sai 5827 ɗin kanta. Ragowar gurabe goma a cike su da F.

Layi na biyu na lambar kati ne. Ana cire lambar ƙarshe ta katin, wato 7 a misalinmu, domin ita ta tantance daidaiton sauran ce kawai. Daga abin da ya rage a ɗauki 12 na dama, a sa sifiri huɗu a gabansu.

Sai a haɗa layukan biyu da lissafin XOR, wanda ke kwatanta su bit da bit: inda suka yi daidai a sa 0, inda suka bambanta a sa 1.

```
0458 27FF FFFF FFFF
0000 0123 4567 8901
-------------------
0458 26DC BA98 76FE
```

Dubi sakamakon da kyau. 5 da 8 suna nan yadda suke, domin sifiri ne a ƙarƙashinsu. 2 ma ba ta motsa ba, 7 ce kawai ta koma 6. Mutane da yawa idan suka ga haruffa sun cakuɗe sai su ɗauka an riga an kulle, alhali ba a kulle komai ba tukuna. Duk wanda ya san lambar katin zai sake yin XOR ya dawo da 5827 nan take. Amfanin wannan mataki shi ne ɗaure lambar sirri da katinta: wani mai 5827 da kati daban zai fitar da ƙunshi daban. Wannan buɗaɗɗen ƙunshi ba ya barin kwakwalwar tsaro, kuma ana goge shi da zarar an kulle.

To kullewar kanta fa?

Bayit 8 ɗin nan ake miƙa wa TDES, wani lissafin kulle bayanai da mabuɗi, wanda ke aiki da bayit 8 a lokaci guda, shi ya sa aka yi ƙunshin da wannan girma tun farko. Mabuɗin da aka saba amfani da shi bayit 16 ne, rabi biyu. A kulle da rabin farko, a bi da sakamakon ta hanyar buɗewa da rabi na biyu, a sake kullewa da na farko. Abin da ya fito bayit 8 ne da ba su da kama da na asali. Bit ɗaya ya sauya a ƙunshin, kusan rabin bit ɗin sakamakon zai sauya.

Sai a wannan lokaci kwakwalwar tsaro ke miƙa wa manhajar ciniki wani abu. Manhajar ta saka shi cikin saƙon neman izinin biya, wanda a tsarin ISO 8583 gurbinsa shi ne fili na 52.

Ashe ba kullewar intanet ce ke kare lambar ba?

Ba ita ba ce. Layin da ke tsakanin na'ura da kamfanin da ke karɓar cinikin yakan sami tasa kariyar ta TLS, wato kullewar da ake yi wa saƙonnin intanet, amma wannan rufi ne na biyu a kan abin da aka riga aka kulle. TLS tana ƙarewa a sabar farko, wato babbar kwamfutar da ta fara karɓar saƙon, sabar ta ga lambar kati da adadin kuɗi, fili na 52 kuwa yana nan a kulle.

An ga amfanin wannan a 2013, lokacin da aka yi wa kamfanin Target na Amurka kutse aka kwashi bayanan katuna kusan miliyan 40. Kamfanin ya amince cewa har kullallun lambobin sirri an ɗauka, amma ya ce da TDES aka kulle su tun a madannai, kuma mabuɗin buɗe su ba ya cikin kwamfutocinsa.

Ina mabuɗin yake zama, kuma wa ya saka shi?

Yana zama a ƙaramar ma'ajiya cikin kwakwalwar tsaro, wadda wani ɗan batiri ke riƙe da ita ko an kashe na'urar. Ana saka shi kafin na'urar ta fara aiki, ko dai a wani ɗaki mai tsaro da aka keɓe don haka, ko daga nesa ta hanyar da na'urar da cibiyar mabuɗai ke tantance juna da takardun shaida na lissafi. A ɗakin, ba a barin mutum ɗaya ya yi aikin shi kaɗai, kuma babu wanda ya san mabuɗi gaba ɗayansa. Idan ya zama dole a riƙe shi a rubuce, ana raba shi kashi biyu ko uku a hannun mutane daban-daban.

Don a tabbatar mabuɗi ɗaya ne a ɓangarorin biyu ba tare da an nuna shi ba, ana kulle jerin sifiri da shi, a kwatanta alamomi shida na farko na sakamakon. Wannan ne KCV da masu gyara ke karantawa a allo.

Mabuɗi ɗaya ake amfani da shi kullum?

Hanyoyi biyu ne. A tsohuwar, na'ura tana riƙe da babban mabuɗi, cibiya kuma tana aiko mata da mabuɗin aiki a kulle a ƙarƙashinsa, a sauya shi lokaci-lokaci, misali idan na'ura ta yi rajistar fara aiki. Rauninta a fili yake idan ka tuna da misalinmu. Muddin mabuɗin aiki bai sauya ba, wannan kati da 5827 zai fitar da bayit 8 iri ɗaya a kowane ciniki. Kuma in mabuɗin ya fita, duk cinikin da aka yi a ƙarƙashinsa ya tonu.

Hanya ta biyu ita ce DUKPT, wadda ma'aunin ANSI X9.24 ya tsara, kuma a ganina ita ce mafi kyawun dabara a duk wannan harka. Kowane ciniki da mabuɗinsa, ba a maimaitawa.

Ga yadda take. Kamfanin da ke karɓar ciniki yana da uwar mabuɗai, BDK, wadda ba ta taɓa shiga na'urar POS. Daga BDK da lambar shaidar na'ura ake fitar da mabuɗin farko na wannan na'ura kaɗai. Da an saka mata shi, na'urar ta haifar da mabuɗan gaba guda 21 ta adana, ta goge na farkon. A kowane ciniki ta ɗauki wanda ya dace da lambar ƙirgenta, ta kulle ƙunshin, ta haifar da na gaba idan da buƙata, sannan ta goge wanda ta yi amfani da shi. Lissafin haifarwar gaba kawai yake tafiya. Wanda ya sami mabuɗin yau ba zai iya komawa ga na jiya ba, kuma ba zai iya hawa zuwa BDK ba.

In mabuɗin yana sauyawa, ta yaya ɗaya ɓangaren zai san wanne ne?

Na'urar tana aika wata lamba a buɗe tare da kullallen ƙunshin, sunanta KSN, bayit 10. Ga misali a cinikin farko da na biyu:

```
FFFF9876543210E00001
FFFF9876543210E00002
```

Ɓangaren hagu yana nuna wace BDK ce da kuma wace na'ura ce. Bit 21 na ƙarshe su ne lambar ƙirge. Mai BDK zai bi lissafin daga tushe ya iso ga mabuɗin wannan ciniki, wanda ba shi da ita kuwa KSN ba ta ƙara masa komai. Ba a buƙatar cibiya ta riƙe mabuɗin kowace na'ura, BDK ɗaya tana iya ɗaukar dubbai.

Bit 21 sun kai ƙirgen sama da miliyan biyu, amma na'urar tana tsallake duk lambar ƙirgen da ke da bit masu 1 fiye da goma, don kada matakan lissafin cibiya su yi tsawo. Abin da ya rage ciniki miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Idan suka ƙare, na'urar ba za ta ƙara karɓar lambar sirri ba sai an saka mata sabon mabuɗi. Sigar DUKPT da ke aiki da AES, lissafin kullewa da ya zo bayan TDES, wadda ta fito a 2017, ta faɗaɗa KSN zuwa bayit 12 da ƙirge mai bit 32.

Wa ke buɗe ƙunshin a hanya?

Babu mutum ko sabar da ke ganin lambar. Akwai akwatin tsaro na musamman, HSM, a kowace mahaɗa. Na kamfanin da ke karɓar ciniki yana buɗe ƙunshin a cikinsa, ya sake kulle shi da mabuɗin da suka yi tarayya da mahaɗa ta gaba, ya fitar da shi a kulle. Haka har bankin da ya ba da katin, inda HSM ɗinsa zai lissafa ya kwatanta da abin tantancewar da ke ajiye, ya amsa da e ko a'a.

Idan wani ya kwance na'urar ya nemi mabuɗin fa?

Na'urar tana kashe kanta. A ƙarƙashin murfi akwai maɓallan da ke danne muddin murfin yana rufe. Kewaye da madannai da wurin saka kati akwai raga ta siraran wayoyi da ake ta bi da wuta a cikinta, in aka huda ko aka yanke za a gane. Akwai kuma masu lura da zafi da ƙarfin wuta, domin daskarar da ma'ajiya ko girgiza wutarta tsofaffin hanyoyin sata ne. Ko wanne ya motsa, ana goge mabuɗan nan take, allo ya nuna saƙo irin `TAMPER` ko `ALERT IRRUPTION`, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta.

Abin takaici ga masu na'ura shi ne ba ta bambance ɓarawo da haɗari. Faɗuwa mai ƙarfi, shigar ruwa, ko mutuwar ɗan batirin ciki duk suna iya jawo wannan saƙo. Kashewa da kunnawa ba ya gyara shi, mai gyaran waya ma ba zai iya ba, don abin da ya ɓace mabuɗi ne. Sai an mayar da ita ga waɗanda suka ba da ita.

Kullum ake tura lambar banki?

A'a. Wasu katuna masu cif, wato 'yar kwakwalwar da ke jikin kati, suna tantance lambar da kansu. A nan na'urar tana shirya tsari na 2, wanda ba a cuɗanya shi da lambar kati: `245827FFFFFFFFFF`. Tana iya miƙa shi ga cif ɗin a buɗe ta ƙafafun da suke taɓa juna, ko ta kulle shi da lissafin RSA, da mabuɗin katin na bainar jama'a wanda katin kaɗai ke iya buɗe abin da aka kulle da shi, tare da wata lambar bazata mai bayit 8 da katin ya bayar don kada a maimaita tsohon saƙo. Katin yana ƙirga kuskure, galibi sau uku ya toshe.

Miƙawa a buɗe tana da haɗarinta. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kambrij sun nuna cewa a wasu na'urori na lokacin ana iya kaiwa ga wayar da ke tsakanin na'ura da kati a saurari lambar ba tare da an tayar da masu gadin ciki ba.

Na tabbata lambata daidai ce amma na'ura ta ƙi. Ta ina matsalar take?

A fara duba yawan waɗanda abin ya shafa. Idan kati ɗaya ne, kuma a kowace na'ura amsar ita ce lamba 55, wato lambar sirri ba daidai ba, matsalar tana wajen mai kati ko bankinsa. Idan kowane kati yana faɗuwa a na'ura ɗaya amma yana wucewa a wata, a zargi mabuɗin wannan na'ura. A daina gwadawa da katin mutane, domin in tsarin yana lissafa faɗuwar a matsayin kuskuren lamba, za a iya toshe katin da amsa 75.

Tsarin ƙunshin kansa yana taimaka wa masu bincike. Idan HSM ya buɗe da mabuɗin da ba shi ba, shara zai samu: gurbin farko ba 0 ba, tsawon ba ya tsakanin 4 da 12, cikon ba F ba. Sai ya ce ƙunshin ne ya lalace, wanda ya sha bamban da cewa lambar ba daidai ba ce. A tsohuwar hanya sai a kwatanta KCV, a sake sauko da mabuɗin aiki. A DUKPT a duba ko KSN ta iso cikakkiya, da ko tana nuna BDK ɗin da cibiya ke da ita.

Akwai kuskuren masu rubuta manhaja da ke ba da irin wannan alama. A ce an manta ba a cire 7 ta ƙarshe ba wajen gina layi na biyu. Na'ura za ta yi amfani da `123456789017`, HSM kuma da `012345678901`. Mabuɗi lafiyarsa ƙalau, buɗewa ta yi, amma bayan XOR cikon ba zai dawo F ba, kuma 2 da 7 na lambar sirrin ma sun gurɓace.

Me ya sa ake maganar komawa tsari na 4?

Tsari na 0 ba shi da lambar bazata a cikinsa, kuma an yi shi ne don TDES. Tsari na 3 ya rage matsalar farko, ya maye F da haruffan bazata daga A zuwa F. Na 4 kuwa an gina shi don AES, mai aiki da bayit 16. Layin lambar sirri yana farawa da 4, sai tsawo, sai lambar, a cike da A har gurbi 16, sauran gurabe 16 kuma na bazata ne. Ana kulle wannan layi tukuna, a yi masa XOR da layin lambar kati, wanda yanzu ya ɗauki lambar katin gaba ɗaya, sannan a sake kullewa. Sauyin yana tafiya a hankali saboda dole na'ura da kowane HSM da ke kan hanya su iya shi, kuma fili na 52 a saƙonni da yawa bayit 8 aka yanka masa.

To me wannan kullewa ba ta karewa?

Duk abin da ya faru kafin maɓallin ya taɓa waya. Idon wanda ke tsaye a gefe, ƙaramar kyamara da aka saita a kan madannai, madannan bogi da aka ɗora a kan na gaske, ko na'urar da aka musanya gaba ɗayanta da wadda ba ta da kwakwalwar tsaro ko kaɗan. Mai kati zai iya rufe hannunsa da ɗaya hannun, ya kuma lura ko madannan sun yi kauri ko suna motsi. Mai na'ura kuma ya riƙa kwatanta lambar da ke bayanta da wadda ke rajistarsa, ya duba hatimin murfi da sukurori, kuma kada ya miƙa ta ga wanda ya zo da sunan gyara sai ya tabbatar daga kamfanin da ya ba shi ita.